Yadda ake fassara sharuɗɗan fasa kama ɗaki da na rashin zuwa ba tare da lissafin ya canza ba

Takardar sharuɗɗan fasa kama ɗaki a otal ba ta da tsawo. Sau da yawa ba ta wuce rabin shafi, shi ya sa mai otal kan miƙo wa mai fassara ita a ƙarshen aiki, ya ce a haɗa da sauran. Amma a cikin takardun otal duka, ita ce ake zarowa ranar da rai ya ɓaci, lokacin da baƙo ya tsaya a gaban kantar karɓar baƙi yana neman kuɗinsa, ma'aikaci kuma yana nuna masa layin da ya hana. Idan Turancin ya ce abu ɗaya, Hausar ta ce wani, to mai fassara ne ya haddasa rigimar, ko da ba ya wurin.

Ma'aunin wannan aiki ɗaya ne. Ka ɗauki mutum biyu, ɗaya yana riƙe da Turancin, ɗaya yana riƙe da Hausarka. Ka ba su labarin baƙo guda da ya fasa a rana kaza da ƙarfe kaza. Idan kowannensu ya yi lissafi shi kaɗai suka fito da naira iri ɗaya da rana iri ɗaya, fassarar ta yi. Idan suka saɓa, ba ta yi ba, komai daɗin Hausarta.

Misalin da za mu bi

A ƙaddara wani otal ne a unguwar Nasarawa a Kano ya kawo maka sharuɗɗansa da Turanci. Ana karɓar ɗaki daga ƙarfe 2:00 na rana, kuma mai kama ɗaki yana biyan rabin jimillar kuɗin tun farko. Sharuɗɗan sun kasu haka. Wanda saƙon fasawarsa a rubuce ya isa otal da saura aƙalla awa 72 a karɓi ɗaki, za a mayar masa da abin da ya biya, a cire naira 5,000 na hidima. Idan saura ƙasa da awa 72 amma bai gaza awa 24 ba, otal yana da damar riƙe abin da bai wuce rabin kuɗin da aka biya tun farko ba. Idan saura ƙasa da awa 24, ko kuma baƙo bai zo ba, otal zai cire kuɗin daren farko na kowane ɗaki. Ana mayar da kuɗi cikin ranakun aiki 10 daga ranar da otal ya tabbatar da fasawar.

Baƙuwarmu wata Hajiya ce daga Kaduna da za ta zo biki. Ta kama ɗaki 2, kwana 3, kowane ɗaki naira 40,000 a dare, daga ranar Juma'a. Jimilla naira 240,000, ta biya 120,000. Ka riƙe waɗannan alƙaluman, da su za mu gwada kowace jimla.

Kada ka fara da fassara

Aikin farko shi ne warware kowane sharaɗi a takarda daban, ka amsa tambaya huɗu: wa zai yi, me zai yi, zuwa yaushe, kuma nawa ne ke fita ko ke dawowa. A sharaɗi na biyu na misalinmu, mai fasawa baƙo ne, mai riƙe kuɗi otal ne, lokacin yana tsakanin ƙarfe 2:00 na ranar Talata da ƙarfe 2:00 na ranar Alhamis, kuɗin kuma daga sifiri ne zuwa naira 60,000.

Duk gurbin da ka kasa cikewa daga Turancin kansa, ba kai za ka cike shi ba. Tambaya ce da za ka aika wa mai aikin a rubuce. Wadda ta fi yawan tasowa ita ce ta kalmar nan da Turanci ke cewa “cikin awa 48”, ba tare da an faɗi daga ina ake ƙirgawa ba. Tana iya nufin awa 48 bayan an kama ɗakin, tana iya nufin awa 48 kafin ranar zuwa, kuma waɗannan dokoki biyu ne da ba su haɗa hanya ba. Wanda ya kama ɗaki da saura wata biyu, a fahimta ta farko damarsa ta ƙare tun jibi, a ta biyu kuwa yana da kusan wata biyu a hannu. Manaja zai iya ce maka, “Malam, ai kowa ya san abin da muke nufi.” Ka ce masa, “Yallaɓai, a taimaka a rubuto min, kuma a gyara Turancin ma.” Idan ka warware shubuhar a Hausa kaɗai, ka bar Turancin da ita, ka samar da takardu biyu masu hukunci daban. Akwai kuma ƙa'idar da kotuna ke bi wajen fassara yarjejeniya: idan sharaɗi ya ɗauki ma'ana biyu, ana karkata shi ga wanda bai rubuta shi ba. Wannan kaɗai kan sa manaja ya ɗaga waya ya kira lauyansu.

Lokaci, inda aka fi yin ɓarna

Awa 72 kwana uku ne a lissafi, kuma “kwana uku” ya fi daɗin faɗa. Nan ne tarkon yake. Awa 72 kafin ƙarfe 2:00 na ranar Juma'a ta faɗa a ƙarfe 2:00 na ranar Talata daidai. A ce an ɗaga bikin, Hajiya ta aiko da saƙon fasawa ranar Talata da ƙarfe 6:00 na yamma. Idan Hausar ta ce “kwana uku kafin ranar zuwa”, tana da gaskiya ta ce ta cika sharaɗi, domin daga Talata zuwa Juma'a kwana uku ne a ƙirgen kowa. Tana jiran naira 115,000. A Turancin kuwa saura awa 68, ta faɗa sharaɗi na biyu, otal na iya riƙe 60,000 ya ba ta 60,000. Kalma biyu sun jawo saɓanin naira 55,000. Saboda haka awa ta zauna awa, kwana ya zauna kwana, kada ka juya ɗaya zuwa ɗaya don sauƙin karatu.

Ko da Turancin ne ya yi maganar kwanaki, ka yi hattara da “kwana biyu”. A bakinmu “kwana biyu” ba ya nufin biyu, yana nufin an ɗan jima. Ka rubuta da lamba, “kwana 2”, idan kuma Turancin ya ce cikakkun kwanaki ne, ka ce “cikakkun kwanaki 2”.

Sai bakin iyaka. “Aƙalla awa 72” ya haɗa da wanda saƙonsa ya shiga da ƙarfe 2:00 daidai. “Fiye da awa 72” ya fitar da shi. Ka duba wanne Turancin ya ce, ka bi shi, sannan ka tabbatar sharaɗin da ke biye ya ɗauka daga inda na farko ya tsaya. Idan na farko ya ce “fiye da 72”, na biyu ya ce “ƙasa da 72”, wanda ya faɗa a kan 72 cif ba shi da hukunci. Idan wannan giɓin daga Turancin yake, ka nuna wa mai aikin. Idan daga gare ka yake, ka toshe.

Akwai abin da ya keɓanci masu jin Hausa, kuma wanda ya rubuta Turancin bai san da shi ba. A wurinmu dare yana riga yininsa. Idan Bakano ya ce “daren Juma'a”, mafi yawa yana nufin daren da za a wayi gari Juma'a, wato Alhamis da dare. Turanci kuwa idan ya haɗa Juma'a da dare, daren da ya biyo bayan yinin Juma'a yake nufi. Wanda ya fassara kai tsaye ya matsar da wa'adin da awa 24 cur. Mafita ita ce ka guji “daren kaza” gaba ɗaya, ka ce “ranar Juma'a da ƙarfe 11:59 na dare”. Haka ma ƙarfe 12:00, kada ka bar shi tsirara, ka ce na rana ko na dare. Kuma kada ka mayar da ƙarfe zuwa lokacin salla. “Bayan La'asar” ko “kafin Magariba” sun fi kusa da yadda muke magana, amma suna motsi da watanni, ba a yanke hukuncin kuɗi a kansu. Idan otal ɗin ba a ƙasar nan yake ba, misali masaukin Umara a Makka da kamfanin tafiye-tafiye na Kano ke sayarwa, sai ka kula da agogon da ake nufi, domin Saudiyya tana gaban Najeriya da awa 2.

Ranakun aiki ma haka. A ce otal ya tabbatar da fasawar Hajiya ranar Laraba, ana fara ƙirge daga washegari. Idan ranakun aiki Litinin zuwa Juma'a ne, rana ta 10 ita ce Larabar mako biyu masu zuwa. Idan ka rubuta “kwana 10” kawai, wa'adin ya cika Asabar ta makon gaba. Ɗan kasuwar Kantin Kwari kuwa, wanda Asabar ranar aiki ce a wurinsa, zai ƙirga ya tsaya a Litinin. Rana uku daban daga jimla ɗaya. Ka rubuta “ranakun aiki”, idan Turancin ya fayyace su ka kawo fayyacewar, idan bai yi ba ka ba da shawarar a ƙara ta a harsunan biyu, har da maganar ranakun hutu, tunda hutun Salla kan cinye kwanaki a tsakiyar mako.

Rabin me? Kuma dole ne ko dama ce?

Duk inda kaso ya fito, ka tambayi kanka kason mene ne. “Otal zai riƙe rabin kuɗin” jimla ce mai kyau a kunne, amma ba ta faɗi ko rabin jimilla ba ne ko rabin abin da aka biya. Ga Hajiya, rabin abin da ta biya 60,000 ne. Rabin jimilla kuwa 120,000 ne, wato duk abin da ta bayar, ta tashi ba ko sisi. Ka maimaita sunan kuɗin a cike ko da jimlar ta yi nauyi: “rabin kuɗin da aka biya tun farko”.

A wannan jimlar dai akwai kuskure na biyu da na uku. Turancin bai ce otal zai riƙe ba, ya yi amfani da ƙaramar kalmar nan ta ba da izini, ba ta wajabtawa ba. Kuma bai ce rabi ba, ya ce har zuwa rabi. Wato rabi rufi ne, manaja na iya riƙe ƙasa da haka, yana iya yafewa. Idan ka rubuta “zai riƙe rabi”, ka ƙwace wa baƙo damar roƙo, ka ƙwace wa manaja damar sassauci. Na fi son “otal yana da damar riƙe abin da bai wuce rabi ba” a kan “zai iya riƙewa”, domin “zai iya” a Hausa tana ɗaukar iko, tana ɗaukar izini, tana kuma ɗaukar mai yiwuwa. A ɗaya ɓangaren, inda Turancin ya wajabta wa otal mayar da kuɗi, “za a mayar” ta yi sanyi, tana kama da alkawari. Ka ce “wajibi ne otal ya mayar”. Ka zaɓi lafazi ɗaya na wajibi da lafazi ɗaya na izini, ka tsaya a kansu daga farkon takarda zuwa ƙarshe. A rubutun adabi maimaici aibi ne. A nan, wanda ya ga “dole” a layi na biyu da “ya kamata” a layi na biyar zai ɗauka na biyar shawara ce.

Sai sunan kuɗin da aka biya tun farko. Dokar yarjejeniya da kotunan Najeriya suka gada daga Ingila ta bambanta kuɗin da aka ba da don tabbatar da cewa da gaske ake, wanda mai saye kan rasa idan shi ya janye, da kuɗin da yake wani ɓangare ne kawai na farashi, wanda asalinsa ana iya neman a dawo da shi. Akwai kuma na uku da gidajen biki ke karɓa don tsaron ɓarna, a mayar bayan taro idan ba a fasa kujera ko gilashi ba. Mu kuma muna da “kafin alƙalami”, kalma mai kyau da kowa ya sani, sai dai ba ta yanke wannan hukunci ba. Ka tambayi mutum biyu a kasuwa ko kafin alƙalami yana dawowa idan ciniki ya lalace, za ka iya jin amsa biyu. Ka yi amfani da ita idan ka so, amma ka ɗaure ta a farkon takarda da jimlar da ta ce a wannan yarjejeniya ga abin da take nufi, sannan sharuɗɗan su faɗi yaushe take dawowa. Kada ka kira kuɗin “ajiya” ko “amana”, domin mai ajiya yana karɓar kayansa duk ranar da ya so.

Kalma biyu kuma nake ba da shawarar a nisanta. Ta farko “tara”. Kuɗin fasawa ba horo ba ne, kuma a doka bambancin yana da nauyi: kotu tana amincewa da adadin da aka ƙiyasta don rufe asara, amma tana iya ƙin zartar da wanda aka sa don azabtarwa. Idan ka rubuta tara inda Turancin ya ce kuɗin fasawa, ka miƙa wa mai ƙara hujjar da ba ta cikin asali. Ta biyu ita ce kalmar fiƙihu “arbun”, wato kuɗin da mai saye ke bayarwa tun farko don ƙulla ciniki. Mai fassarar da ya yi karatun zaure zai ga ta dace, amma tana zuwa da hukuncinta: Malikiyya, mazhabar da ake bi a Kano, ba ta halatta cinikin da mai sayarwa ke cinye arbun idan mai saye ya janye ba, Hanbaliyya kuwa ta halatta. Saka ta a takardar otal buɗe muhawara ce da Turancin bai buɗe ba.

A shafukan kama ɗaki na intanet za ka ga an rubuta Non-refundable a jikin wasu farashi. Kafin ka ce “ba a mayar da kuɗi”, ka karanta ƙasa ka gani ko ana ba da damar ɗaga rana ko a ajiye wa mutum kuɗin ya yi amfani da su wani lokaci. Mayar da kuɗi daban, ajiye su a asusun baƙo a otal daban, ɗaga rana daban. Kowanne ya sami lafazinsa.

Wa ya fasa?

Hausa tana da hanyar ɓoye mai aiki cikin ladabi: “idan aka fasa”, “za a cire”, “a sanar”. A gaisuwa da wa'azi wannan ado ne. A sharuɗɗa kuwa haɗari ne, domin “idan aka soke da saura ƙasa da awa 24, za a cire kuɗin daren farko” ta hau kan baƙon da ya janye, ta kuma hau kan otal ɗin da ya ba wani ɗakin. Ka fito da mai aikin a kowace jimla. Yana taimakawa ka ware “fasa” ga baƙo, “soke” ga otal, “ɗaga” ga canjin rana. Ka kuma guji “ka” da “ki”, ka ce “mai kama ɗaki” a ko'ina, domin wanda ya biya ba lallai shi ne zai kwana ba. Hajiya ce ta kama, ƙannenta ne za su shiga ɗaki na biyu.

Ka lura da aikatau na sanarwa. Turancin misalinmu ya ce saƙon ya isa otal, bai ce a aika ba. Idan Hajiya ta tura imel ranar Talata da ƙarfe 1:55 na rana bai shiga ba sai 2:10, bambancin “ta aika” da “ya isa” shi ne naira 55,000 ɗin nan. “A rubuce” ma kada ya faɗi a hanya. Mu mutanen waya ne, Hajiya za ta kira yaron da ke kanta ta ce, “Ɗana, an ɗaga bikin nan, a cire sunana,” ya ce, “To Hajiya, Allah ya kai mu,” ta ɗauka magana ta ƙare. Idan Hausar ta ce “a sanar da otal” kawai, ta sanar. Ko saƙon WhatsApp yana cikin “a rubuce”, wannan tambaya ce ta mai aikin, ba taka ba.

Rashin zuwa

Abin da allon otal ke nunawa da No-show ba shi da kalma guda a Hausa, kuma ba ya bukata. Abin da yake bukata shi ne ma'anar da takardar ta ba shi. A misalinmu sharaɗi biyu ne a haɗe: baƙo bai karɓi ɗaki ba har ƙarfe 11:59 na dare a ranar zuwa, kuma bai sanar a rubuce cewa zai makara ba. Sai sun taru sannan hukuncin ya hau. A ce motar Hajiya ta lalace a Zariya, ta tura saƙo da ƙarfe 9:00 na dare, ta iso ƙarfe 1:00. A Turancin ba ta cikin masu rashin zuwa. Idan ka sa “ko” a gurbin “kuma”, ko ka taƙaita ka ce “wanda bai zo ba”, ta iso ta tarar an ba da ɗakinta, kuma Hausarka ce ta ba da izini. Akasin haka ma yana faruwa. Wasu otal-otal ba su damu da sanarwa ba, lokaci kawai suke dubawa. Idan ka saba rubuta “rashin zuwa ba tare da sanarwa ba” ka liƙa shi a irin wannan takarda, ka ƙara wa baƙo mafitar da ba a ba shi ba.

“Zuwa” ma ka duba ta. Isowa harabar otal daban, karɓar ɗaki a kanta daban. Sannan hukuncin yana da rassa biyu, kuɗi da sauran kwanaki. “Kuɗin kwana ɗaya” zai sa Hajiya ta lissafa 40,000, alhali “daren farko na kowane ɗaki” 80,000 ne, ragowarta 40,000. Idan kuma Turancin ya ce otal na da damar soke sauran kwanakin, kada ka bar shi, domin wanda ya zo ranar Asabar da safe yana zaton ɗakinsa na nan har Litinin.

Ga yadda sharaɗi na biyu da na uku za su fito bayan wannan duka:

“Idan saƙon fasawa a rubuce daga mai kama ɗaki ya isa otal da saura ƙasa da awa 72, amma bai gaza awa 24 ba, kafin ƙarfe 2:00 na rana a ranar karɓar ɗaki, otal yana da damar riƙe abin da bai wuce rabin kuɗin da aka biya tun farko ba. Idan saƙon ya isa da saura ƙasa da awa 24, otal zai cire kuɗin daren farko na kowane ɗaki da aka kama. Haka kuma zai cire idan mai kama ɗaki bai karɓi ɗaki ba har ƙarfe 11:59 na dare a ranar, kuma bai sanar da otal a rubuce cewa zai makara ba.”

Ba ta da kwalliya, kuma “otal” ya fito sau da yawa. Haka ake so.

Gwaji da alƙalami

Mutane da yawa suna gwada fassara ta hanyar ba wani ya mayar da ita Turanci. Yana da amfani, amma ba ya kama irin waɗannan kurakurai, domin “rabin kuɗin” zai koma Turanci lafiya lau da shubuharsa. Gwajin da ya fi shi ne na labari. Ka samo wanda ke karanta Hausa sosai kuma bai ga Turancin ba, ka ba shi Hausar da alƙaluman Hajiya, ka tambaye shi nawa za ta karɓa idan saƙonta ya isa Talata 2:00 daidai, da Talata 6:00 na yamma, da Alhamis 3:00 na rana, da kuma idan ba ta zo ba ba ta yi magana ba. Amsoshin su zama 115,000, sai aƙalla 60,000, sai 40,000, sai 40,000. Ka zaɓi labaran da ke kan iyaka, domin na tsakiya kowa zai ci su. Idan ya tsaya ya ce “ya danganta”, ka nemi jimlar da ta sa shi faɗin haka. Idan Turancin ma “ya danganta” ne a wurin, ka bar shi ka rubuta wa mai aikin. Idan Turancin a yanke yake, gyara na wuyanka. Yana da kyau kuma a karanta wa ma'aikacin kanta da baki, tunda shi ne zai riƙa faɗa wa baƙi, kuma baƙi da yawa ji za su yi, ba karantawa ba.

Inda aikinka ya tsaya

Wani lokaci sharaɗin da aka kawo maka shi kansa yana da tsauri, irin wanda ke cewa ba a mayar da ko kwabo ko yaushe aka fasa. Zuciya za ta so ka sassauta shi da “sai dai in da wani uzuri”. Kada ka yi. Baƙon da ya dogara da uzurin da ka ƙirƙira shi ne zai sha wahala a kanta. Abin da za ka yi shi ne ka fassara shi da tsaurinsa, ka haɗa da ɗan bayani ga mai aikin. Dokar tarayya ta gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda hukumar FCCPC ke aiwatarwa, ta ba mai saye a sashe na 120 haƙƙin fasa abin da ya kama tun gaba, a cire masa kuɗin fasawa daidai gwargwado. Wajen auna gwargwadon ana duba abubuwa irin su tsawon sanarwar da ya bayar da yiwuwar a sami wani ya maye gurbinsa. Sashe na 114 kuma ya yi maganar ba mai saye bayani cikin lafazi mai sauƙin fahimta. Ka rubuta wa manaja cewa wannan layin ya cancanci lauyansu ya duba shi da sashe na 120 a gabansa. Hukuncin na Barista ne.

Abu na ƙarshe da za ka nema kafin ka miƙa aiki shi ne jimlar da ke faɗin wane harshe za a bi idan aka sami saɓani. Idan tana cikin Turancin, ka fassara ta, ka tabbatar ta fito a Hausar inda ido zai gan ta, ba a ƙasan shafi da ƙananan baƙaƙe ba. Idan babu, kada ka ƙara da kanka, ka tambaya. Ka sa kwanan wata da lambar bugu iri ɗaya a takardun biyu, ka kuma roƙi otal ɗin su sanar da kai duk ranar da suka taɓa Turancin. Ana yawan mayar da awa 72 zuwa 48, ko a ƙara kuɗin hidima, a shafin intanet, Hausar da aka liƙa a bangon kanta kuma tana nan da tsofaffin alƙalumanta.